Takardar na gaban ido amma kwamfuta ta ce babu: hanyoyi biyar na sa fayil ɗin PDF ya bincuku, da wadda ta dace da kai

Bayan girbin bara sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa daga wajen Auyo ya shigo shagona da filashi a aljihu. A ciki akwai fayil ɗin PDF guda ɗaya mai shafi 240, wato duk takardun ƙungiyar da aka yi wa sikanin: rijistar membobi, jerin waɗanda suka karɓi taki bashi, da bayanan taro na shekaru. Ya ce ɗansa ya koya masa cewa idan ya danna Ctrl+F ya rubuta suna, kwamfuta za ta kai shi wurin. Ya rubuta sunan wani memba, kwamfuta ta ce babu, alhali ga sunan nan ɓaro-ɓaro a shafi na 12 yana kallonsa.

"Malam, ko dai fayil ɗin ne ya lalace?"

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, lafiyarsa lau. Hoto ne kawai, babu rubutu a cikinsa."

Wannan magana tana bukatar bayani, domin a kanta ne duk zaɓin da ke ƙasa ya rataya.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Shafin PDF iri biyu ne, ko da yake a ido ba ka bambance su. Wanda aka fitar daga Word yana ɗauke da haruffa a matsayin haruffa: an rubuta a cikinsa cewa a wuri kaza akwai harafi kaza, da girma kaza. Wanda ya fito daga na'urar sikanin ko kyamarar waya kuwa ɗigo-ɗigo ne zalla. Takardar A4 da aka ɗauka a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana zama ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kusan ɗigo miliyan 8.7. Abin da fayil ɗin ya sani game da kowane ɗigo shi ne launinsa. Idon mutum ne ke haɗa baƙaƙen ɗigon nan ya ga suna. Shi Ctrl+F haruffa yake bi yana kwatantawa da abin da ka rubuta, idan ya duba shafin bai tarar da ko harafi ɗaya ba, sai ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa.

Gane irin wanda ke hannunka ba wuya. Ja linzami a kan layi ɗaya kamar za ka kwafe shi. Idan kalmomi suka yi shuɗi ɗaya bayan ɗaya, akwai rubutu. Idan babu abin da ya kamu, ko shafin gaba ɗaya ya haskaka kamar ka zaɓi hoto, to hoto ne.

Maganin shi ne a sa manhaja ta karanta hoton, abin da za ka ga an rubuta OCR a jikin maɓalli. Manhajar tana bin shafin, ta gano layuka da kalmomi, ta yi hasashen haruffan, ta kuma riƙe inda kowace kalma take. Sai ta rubuta waɗannan kalmomi a cikin shafin, kowace daidai saitin hotonta, amma da umarnin kada a zana su. Tsarin PDF yana da wannan umarni tun asali. A cikin fayil ɗin, ga yadda abin yake a sauƙaƙe:

```
BT
3 Tr
/F1 11 Tf
72 700 Td
(Rijista) Tj
ET
```

Layin `3 Tr` shi ne sirrin. Yana nufin rubutun yana nan amma ba a shafa masa tawada. Saboda haka takardar tana nan yadda take, da hatimi da sa hannu da dangwalen yatsa, idan aka buga ta a firinta ma ba a ga wani ƙari. Amma da ka nemi "Rijista", kwamfuta za ta same ta a ɓoyayyen rubutun, ta haskaka wurin, kai kuma ka ga kamar hoton ta karanta.

A nan akwai abin da mutane ke mantawa, shi ne kuma ya fi damuna. Tunda rubutun a ɓoye yake, kuskurensa ma a ɓoye yake. Idan manhaja ta karanta suna ba daidai ba, shafin zai ci gaba da nuna maka sunan daidai, bincike kuma ya ci gaba da cewa babu.

Ma'aunan da na ɗora zaɓin a kansu

Na farko kuɗi, har da na data da na man janareta, ba kuɗin manhaja kaɗai ba. Na biyu ɗorewa: shin ɓoyayyen rubutun yana zaune a cikin fayil ɗin kansa, ta yadda duk inda aka kai shi zai bincuku ko babu sabis? Na uku sauƙin aiki ga wanda iliminsa na kwamfuta bai wuce Word da firinta ba. Na huɗu haɗari, wato inda takardun mutane za su je da kuma abin da zai iya taɓa asalin hoton. Sai na biyar, wanda ya shafe mu mu Hausawa musamman: yadda hanyar ke yi da ƙ da ɗ da ɓ, da rubutun hannu.

NAPS2 a kan kwamfutar shago

Wannan manhaja ce ta kyauta da aka yi domin sikanin, tana aiki a Windows, kuma tana karɓar PDF ɗin da aka riga aka ɗauka. Injin da ke yi mata karatu shi ne Tesseract, wanda kamfanin HP ya fara ƙerawa a shekarun 1980, aka sake shi ga kowa a 2005. Aikin gajere ne. Ka danna OCR, ka sauke fayil ɗin harshe sau ɗaya, ka kunna zaɓin sa PDF ya bincuku, ka shigo da fayil ɗinka ta Import, sannan ka adana ta Save PDF da sabon suna. Data sau ɗaya kake kashewa, lokacin sauke manhajar da harshen. Bayan haka komai a cikin kwamfutarka yake faruwa, sunayen masu bashin taki ba su bar shagon ba.

Rubutun yana zaune a cikin fayil ɗin, don haka ta fuskar ɗorewa babu matsala. Rauninta yana wajen harshe. Babu Hausa a jerin harsunan da Tesseract ke zuwa da su, ko da yake akwai Larabci da Yarabanci da Swahili. Dole ka zaɓi Turanci, shi kuwa fayil ɗin Turanci bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Idan ya ci karo da ƙ, zai ba ka abin da ya fi kama da ita a cikin haruffan da ya sani, galibi k, wani lokaci wata alama da ba ta da ma'ana. Haka ɗ da ɓ. Zan dawo kan yadda ake zagaye wannan.

OCRmyPDF ga mai iya buga umarni

Ita ma kyauta ce, ita ma Tesseract take amfani da shi, don haka ingancin karatunsu da NAPS2 ɗaya ne idan hoton ɗaya ne. Bambancin shi ne ba ta da maɓallan dannawa, rubuta mata umarni ake yi, kuma tana iya gyara shafi kafin a karanta shi. A Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, girka ta layi ɗaya ne, aikin ma layi ɗaya:

```
sudo apt install ocrmypdf
ocrmypdf -l eng --deskew --rotate-pages tsoho.pdf sabo.pdf
```

`--deskew` yana miƙar da shafin da aka ɗora a karkace, `--rotate-pages` kuma yana juyo wanda ya shiga a kife. Waɗannan biyun ba ƙaramin aiki suke yi ba, domin shafin da ya karkata ko ya kife karatunsa lalacewa yake yi. Idan takardar ta haɗa Turanci da bugaggen Larabci, kamar takardun Islamiyya, sai a sa `-l eng+ara` bayan an girka fayil ɗin Larabci. Abin da take fitarwa a bisa al'ada PDF/A ne, nau'in da aka tsara domin ajiya ta dogon lokaci.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. Wasu manhajojin sikanin na waya suna manna ɗan rubutu na gaske a ƙasan kowane shafi, sunansu ko kwanan wata. OCRmyPDF tana ganin wannan sai ta tsaya, ta ce shafin yana da rubutu tuni. Mutum ya duba ya ga akwai `--skip-text`, ya sa, aiki ya wuce ba tare da ƙorafi ba, alhali abin da ta yi shi ne tsallake duk shafukan nan ba ta karanta su ba. A irin wannan hali `--force-ocr` ake so, wanda ke mai da shafin hoto gaba ɗaya ya karanta shi daga farko.

A Windows girka ta sai an sha 'yar wahala, domin sai an haɗa mata Python da Tesseract da sauransu. Ga wanda ke da fayil ɗaya ko biyu, wahalar ba ta biya ba. Ga wanda makarantu da ofisoshi ke kawo wa fayil hamsin a lokaci ɗaya, ita ce abokiyar tafiya, ya jera su ya tafi masallaci ya dawo.

Adobe Acrobat Pro da Adobe Scan

Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, kuma Acrobat Pro na yin wannan aiki ta Scan & OCR, sannan Recognize Text. Kada a rikita shi da Acrobat Reader na kyauta, wanda yake buɗe fayil ya bincika rubutun da ke ciki amma ba ya ƙirƙirar rubutun. A wajen saiti a kula da zaɓin da aka yi. Searchable Image (Exact) yana barin hoton yadda yake ya ɗora ɓoyayyen rubutu, wannan shi ne na takardun shaida. Editable Text and Images kuwa yana maye gurbin hoton haruffan da rubutun da za a iya sauyawa, abin da ba ka so ya faru da takardar gona ko ta bashi.

Fifikonsa na gaske shi ne yana nuna maka kalmomin da yake shakka a kansu ya ba ka damar gyara ɓoyayyen rubutun da hannu. Sai dai biyan kuɗinsa na wata-wata ne ko na shekara, kuma farashin yana bin kuɗin waje. Ga shagon ƙauye da aikin irin wannan ke zuwa jefi-jefi, ban ga yadda zai mai da kuɗinsa ba. Kwafin sata da ake zuba wa mutane a kasuwa kuwa ba na shawartar kowa ya ɗora takardun jama'a a kansa.

Adobe Scan na waya ana sauke shi kyauta, yana ɗaukar shafi ya sa masa ɓoyayyen rubutu, amma yana bukatar rijista da intanet domin takardar sai ta hau can a karanta ta, kuma akwai iyakar shafuka ga wanda bai biya ba. Na rasit ne da wasiƙa, ba na kundi mai shafi 240 ba.

Google Drive

Mutane da yawa wannan suka sani: a ɗora fayil, a buɗe shi da Google Docs, rubutu ya fito. Kyauta ne in ban da data, kuma ba a girka komai. Amma a lura, abin da yake ba ka sabuwar takarda ce daban mai ɗauke da rubutun da ya ciro. PDF ɗinka na asali yana nan hoto yadda yake, idan ka sauke shi ka kai wa wani a filashi ba zai bincuku ba. Jadawali da layukan rijista ma sukan wargaje, suna ya rabu da adadin buhunan da ke gabansa. An kuma tsara shi ne domin ƙananan fayiloli. Yana da amfani idan kalmomin kake so ka kwafa ka gyara. Ga wanda ke zaune inda sai an hau tudu ake samun sabis, ɗora babban fayil kaɗai ya isa jarrabawa.

| Hanya | Kuɗi | Rubutu a cikin PDF | Sauƙi | Intanet | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| NAPS2 | Kyauta | Yana ciki | Mai sauƙi | Sau ɗaya | Kuskuren da ba a gani |
| OCRmyPDF | Kyauta | Yana ciki | Sai mai iya umarni | Sau ɗaya | Tsallake shafi da saitin kuskure |
| Acrobat Pro | Biyan wata ko shekara | Yana ciki | Mai sauƙi | Lokaci-lokaci | Tsada, da zaɓin da ke sauya hoto |
| Adobe Scan | Kyauta zuwa iyaka | Yana ciki | Mai sauƙi ƙwarai | Kullum | Takarda na barin hannunka |
| Google Drive | Data kawai | Ba ya ciki | Mai sauƙi | Kullum | Jadawali na wargajewa |

Yadda muka yi da kundin ƙungiyar

Kafin mu taɓa komai mun kwafi asalin fayil ɗin mun ajiye gefe. Sannan muka bi shafukan muka kasa su uku: 180 bugun kwamfuta ne, 35 na tsohuwar tafireta ne, wasu ma kwafin kabon, 25 kuma rubutun hannu ne, har da 'yan shafuka da ajami.

Sakatare da farko so ya yi a sake buga komai. Muka yi lissafi: idan mai buga rubutu zai ci minti 10 a kowane shafi, shafi 240 minti 2400 ne, awa 40, kwana biyar cur na aikin awa takwas, ban da ɗaukewar wuta, kuma shi ma mai bugawa yana kuskure a lambobi. Sai muka bar 180 ɗin nan ga manhaja.

Da aka gama ban yarda da kallon shafi ba, tunda shafin ba ya nuna kuskure. Na buɗe sabon fayil ɗin, na kwafi rubutun shafi biyar daga wurare daban-daban na zuba a Notepad, na ajiye kusa da hoton ina kwatantawa. Mai Linux zai iya fito da rubutun duka da `pdftotext sabo.pdf duba.txt`. Abin da ake nema a wannan dubawa sanannu ne: sifili ya zama harafin O, lamba 1 ta zama ƙaramin l, r da n sun manne sun zama m, alamar ₦ ta koma N ko wani abu daban, sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa.

Ga dabarar da na koya wa sakatare. Ctrl+F ba ya bukatar cikakkiyar kalma, guntu ma yana samu. Mai neman Ɗanladi ya rubuta "anladi", mai neman ƙungiya ya rubuta "ungiya", mai neman Ɗahiru ya rubuta "ahiru". Ka jefar da harafin da manhaja ba ta sani ba, ka nemi sauran. Idan lanƙwasar a tsakiya take, kamar a "haɗaka", ka gwada da d mara lanƙwasa. Yawancin takardun ofis ma tun asali ba a sa lanƙwasa wajen buga su, don haka a rijistar matsalar ba ta kai yadda na yi tsoro ba. A bayanan taro da wani malamin makaranta ya buga da cikakkiyar ƙa'ida ne ta fi fitowa.

Shafukan tafireta sun ba da wahala, amma laifin na ɗauka ne. An ɗauke su da waya a cikin ɗaki, inuwar hannu ta rufe rabi, sannan an tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, abin da ke matse su ya rage ɗigonsu. Babu manhajar da za ta dawo da ɗigon da ya riga ya tafi. Na ce a kawo takardun na asali, muka sake ɗauka a 300 dpi da launin toka-toka maimakon baƙi da fari zalla, domin baƙi da fari yakan cinye siraran haruffan kabon. Yawancinsu suka karantu. Kaɗan da kabon ɗinsu ya dushe sosai muka haɗa su da na hannu.

Rubutun hannu da ajami kuwa ban ɓata mai a kansu ba. Tesseract na bugaggen rubutu ne, fayil ɗinsa na Larabci ma na bugu ne, ba na alƙalamin malam ba. Abin da muka yi shi ne shafi ɗaya na manuniya: suna, shekara, da lambar shafin da yake. Aka buga a Word, aka mai da shi PDF, aka liƙa a gaban kundin. Mai nema zai sami sunan a manuniya, ya tafi shafin ya karanta da idonsa.

Na kuma ja masa kunne a kan abu biyu. Idan zai tura fayil ɗin ta WhatsApp ya tura shi ta Document, kada ya ɗauki hoton allo, in ba haka ba ya koma gidan jiya. Sannan idan zai ba wani kwafi yana so ya ɓoye lambar asusun wani memba, zana baƙin layi a kan hoton bai isa ba yanzu, domin lambar tana nan a ɓoyayyen rubutun, duk wanda ya kwafi shafin zai gan ta. Gara ya rufe wurin a takarda ya sake ɗaukar shafin.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Sakataren ƙungiya, hedimasta, ko magatakardan dagaci mai kundi ɗaya ko biyu da kwamfutar Windows, NAPS2 ta ishe shi, kuma ita na zaɓa wa baƙona domin ya ci gaba da kansa duk lokacin da sabbin takardu suka taru. Mai shagon kwamfuta a Haɗejia ko Bichi da ake kawo wa aiki da yawa, ya ware yini ɗaya ya koyi OCRmyPDF. Ofishin da kuskuren suna ɗaya zai iya jawo masa shari'a, kamar na lauya ko na filaye, kuma yana da kasafin biya, shi ne Acrobat Pro ya dace da shi saboda damar gyara rubutun da hannu. Mai waya kaɗai da ke son adana rasit ko takardar ɗaukar aiki, Adobe Scan, muddin ba takardar sirrin wani ba ce. Ɗalibin da ke son ciro sakin layi daga 'yan shafuka ya sa a aikinsa, Google Drive. Wanda kuma kundinsa na hannu ne ko ajami, kamar tsoffin takardun rabon gado, ya yi sikanin mai kyau domin ajiya, sannan ya zauna da wanda ya iya karanta hannun marubucin su haɗa manuniya.